Jadawalin farashin dala: matsakaicin shekara ne zai gaya mini inda ake?

Sani Alaba: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar canji. Ina sayar da caja da batiran waya a nan Alaba, kuma mai kawo mini kaya da dala yake yanka farashi. Ina so in riƙa duba tarihin canji kafin in sa hannu a oda. Daren jiya na buɗe jadawalin USD/NGN a waya, na danna 5Y, wato shekara biyar, sai na ga layi kwance shekara da shekaru, daga nan ya miƙe tsaye kamar bango, ya yi wani tsini, ya faɗo, ya sake hawa. Na duba matsakaicin 2023 na ga naira ɗari shida da wani abu. Ni kuwa a duk 2023 ban sayi dala a ɗari shida ba, ko sau ɗaya. To jadawalin ne yake ƙarya ko ni ne ban iya karanta shi ba?

Yakubu Agege: Wa alaikumus salam. Kai Sani bar wahalar da kanka. Karatun jadawalin naira guda ne tak: sama. Ɗora rula daga farko zuwa ƙarshe ka ga inda ta nufa. In kana da kuɗi yau ka sayi dala yau, gobe ta fi yau tsada.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Sani, jadawalin bai yi ƙarya ba, kai ma ba ka yi kuskure ba. Farashin da yake nuna maka ne ba shi ne wanda kake saye ba. Tambayar farko kafin ka dubi hawa ko sauka ita ce: wane farashi ne aka zana? Galibin jadawalin da ke waya farashin hukuma suke bi, ko wanda ke kusa da shi. A watannin farko na 2023 farashin hukuma yana wajen naira 460, alhali a Broad Street ko Allen ana sayar da dala wajen 740 zuwa 760. Kai a hannun 'yan canji kake saye, don haka wancan layin kwantacce da ka gani ba labarinka yake bayarwa ba. Kwanciyarsa kuma ba alamar kasuwa ta natsu ba ce, Babban Banki ne ya riƙe shi.

Sai maganar ɗari shidan nan. Ranar 14 ga Yuni 2023 Babban Banki ya haɗe kafofin canji ya saki farashi. Kafin ƙarshen watan dala ta kai wajen 760 a farashin hukuma. Mu ƙiyasta sama-sama: wata biyar da rabi a 460, wata shida da rabi a wajen 780. Na farko ya ba da 2,530, na biyu 5,070. Haɗa su ka raba 12, za ka samu wajen 633. Lissafin daidai ne, amma farashi ne da kasuwar ta ratsa cikin 'yan kwanaki ta wuce. Kamar mutum ne ya yi rabin shekara a Kano, rabi a Legas, a ce matsakaicin mazauninsa Mokwa. Ya dai wuce ta can a mota.

Sani Alaba: Allah ya saka da alheri Malam. Kenan matsakaicin ba shi da amfani?

Malam Nura: Yana da amfani in ka yanka jadawalin a inda ya dace. Duk inda ka ga bango, ka tsaya nan. Ka ɗauki matsakaicin abin da ke gabansa daban, na bayansa daban. Bangayen nan ba su da yawa kuma sanannu ne. Yunin 2016, daga wajen 197 zuwa wajen 280. Maris 2020, daga 306 zuwa 360. Yunin 2023 da na faɗa. Sai ƙarshen Janairun 2024, lokacin da FMDQ, dandalin cinikin canji na hukuma, ta sauya yadda take lissafa farashin rufe kasuwa, farashin hukuma ya tashi daga wajen 900 ya haura 1,400 cikin kwana biyu. Kowannensu hukunci ne aka yanke a ofis. Musamman na ƙarshen nan, a titi dala ta riga ta kai wajen nan tuni, layin hukuma ne ya taso ya tarar da ita.

Alhaji Ɗanjuma: Maganar Malam Nura gaskiya ce. Ni na haura shekara ashirin ina canji a cikin Eko. Ranar da gidajen rediyo suka ce naira ta faɗi warwas a Janairun 2024, mu a kan benci abin da muka gani kaɗan ne, domin mun daɗe da wuce wurin. Masu kallon waya ne suka firgita. Abin da nake gaya wa yarana kullum, ku dubi tazara tsakanin namu da na banki. In tazarar ta buɗe baki ta yi faɗi, to layin banki ba zai zauna ba, ko ba daɗe ko ba jima sai an ɗaga shi. Farkon 2023 tazarar ta kusa naira ɗari uku a kan kowace dala. Wanda ya san wannan bangon Yuni bai ba shi mamaki ba, ranar ce kawai bai sani ba.

Hajiya Binta: Don Allah tunda ga Alhaji a kusa, nawa ne canjin sefa yau? Ina da kayan leshi da za su taso daga Kwatano ranar Laraba.

Alhaji Ɗanjuma: Hajiya ki kira ni a waya, farashin safe ba shi ne na la'asar ba. Nan tarihin ake tattaunawa.

Hajiya Binta: Afuwan Alhaji, ban karanta daga sama ba. Amma tunda haka ne bari in sa baki, domin abin ya taɓa ni. A Fabrairun 2024 ni da ƙanwata muna shirin sarin kaya. Ɗana ya nuna mini irin jadawalin nan, layin kullum sama kullum sama, kowa a Balogun yana cewa kafin azumi sai ta kai dubu biyu da ɗari biyar. Na tattara abin da nake da shi na sayi dala 5,000 a kan 1,850. Tafiyar ba ta yiwu ba, ga kuɗin shago ya taso, a Afrilu na sayar da ita a 1,150. Naira 700 a kan kowace dala, miliyan uku da rabi kenan suka tafi. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Shi ya sa da na ga Yakubu ya rubuta gobe ta fi yau tsada na ce ba zan yi shiru ba.

Yakubu Agege: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Amma ai maganata ba ta faɗi ba. Da kin riƙe ta zuwa ƙarshen shekarar ai ta koma wajen 1,700. Daga 197 a 2015 zuwa inda muke yau, wa zai ce ba sama ba ne?

Malam Nura: Yakubu, a kan dogon zango kana da gaskiya, ba mai musu. Sai dai ko 1,700 ɗin da ka ambata bai kai 1,850 da Hajiya ta saya ba, bayan jiran wata tara ko goma. Kuma ɗan kasuwa ba shekara goma yake juya kuɗinsa ba, wata biyu ne ko uku. Rularka ta ɓoye abubuwa biyu. Na farko, daga tsakiyar 2017 zuwa farkon 2020 dala ta zauna wajen 360 a hannun 'yan canji, kusan shekara uku. Wanda ya ɓoye dala a wannan lokacin bai ci komai ba, ga tsadar kaya tana cin jarinsa. Na biyu, a Fabrairun 2017 ta kai wajen 520, sannan ta sauko ƙasa da 400 cikin 'yan makonni da Babban Banki ya fara zuba dala a kasuwa. Wanda ya saya a 520 sai da ya jira fiye da shekara huɗu kafin ya sake ganin wannan farashin.

Sani Alaba: To Malam, nan ne gizo ke saƙar. Yanzu da abin ya wuce kowa yana ganin tsinin Fabrairun 2024. Amma Hajiya a ranar da take saye, ta yaya za ta gane tsini ne ba bango ba? Dukansu a ranar layi ne ya miƙe tsaye.

Malam Nura: Tabbaci dai babu, kada wani ya ce maka akwai. Amma akwai abin da nake dubawa, kuma ba ya buƙatar komai sai takardar lissafi ta kwamfuta ko ta waya. Ka jera farashin rufe kasuwa na kowace rana a layin B, ka fara daga B2, sannan daga rana ta ashirin ka sa wannan a gefe ka ja shi ƙasa:

```
=AVERAGE(B2:B21)
```

Kwana ashirin na aiki kusan wata guda ne. Wannan matsakaicin yana tafiya tare da kai, kullum yana sakin rana ɗaya ta baya yana ɗaukar ta yau. Sai ka duba da kashi nawa cikin ɗari farashin yau ya fi shi. A ce matsakaicin ya ba ka 1,550, yau kuma ana cewa 1,850. Bambancin 300 ne, ka raba da 1,550, ka samu kashi 19 cikin ɗari. A lokacin da kasuwa take zaune, wannan tazarar ba ta cika wuce kashi biyu ko uku ba. In ta kai goma sha tara, wani abu ya faru, sai ka nemi ko mene ne.

In ka samu sanarwa mai kwanan wata, an sauya doka ko an sauya tsarin lissafi, kuma layin ya tashi sau ɗaya ya zauna, bango ne, ba zai dawo ba. In kuwa babu wata sanarwa, farashin yana ƙaruwa kullum da safe da yamma, kowa yana saye ne don ya ji wani ya saya, to wannan ya fi kama da tsini. Ba cewa nake lallai zai faɗo ba. Cewa nake ba ranar da za ka zuba duk jarinka ba ce.

Alhaji Ɗanjuma: Ni ban iya takardar kwamfuta ba, amma ina da nawa ma'aunin, kuma ba ya fitowa a jadawalin waya. Jadawali lamba ɗaya yake nuna maka, mu kuwa lamba biyu gare mu, ta saye da ta sayarwa. Ranar lafiya tsakaninsu naira biyar ne ko goma. A wancan makon na Fabrairun 2024 da Hajiya take magana tazarar ta kan kai hamsin ko fiye, domin kowannenmu yana tsoron a bar shi da kaya a hannu. In ka je wurin ɗan canji ya ce zai sayar maka a 1,850 amma ba zai saya daga hannunka ba sai a 1,780, to shi kansa bai yarda da farashin ba. Sani, in za ka rubuta farashi kullum, rubuta duka biyun.

Ummi Idi-Araba: Baba Alhaji wannan ma'aunin ya yi. Ni akanta ce a wani kamfanin shigo da magunguna a Ikeja, kuma ina so in ƙara wani abu a kan yadda ido yake yaudarar mutum a 5Y ko Max. Daga 200 zuwa 280 naira 80 ne. Daga 1,500 zuwa 1,580 ma naira 80 ne. A jadawali na yau da kullum tsayinsu ɗaya. Amma na farko kashi 40 cikin ɗari ne, na biyu bai fi kashi 5 da ɗan ɗori ba. Shi ya sa girgizar 2016 take fitowa kamar ɗan tudu, motsin 2024 kuma kamar duwatsu. In manhajarka tana da maɓallin Log ka danna shi, zai daidaita tsayin bisa kashi cikin ɗari, sai ka ga 2016 ta taso da girmanta na gaskiya.

Kuma a lura da wane ne a sama. Daga 460 zuwa 770, dala ta tashi da kashi 67. Amma naira kashi 40 ta rasa, ba 67 ba, domin 460 a raba da 770 ya ba da wajen 0.6. Na sha ganin ana gardama a kan waɗannan lambobi biyu alhali abu ɗaya ake faɗa.

Yakubu Agege: Wannan na kashi 40 da 67 ban taɓa lura da shi ba, na gode Ummi. Amma Malam Nura ina da ja. A ƙarshen Oktoban 2022 da Emefiele, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya sanar da sauya fasalin naira, dala ta haura 800 a farkon Nuwamba, sannan ta sauko ɗari bakwai da wani abu. A ma'auninka wannan tsini ne ko? To kafin shekara ta zagayo ta wuce dubu. Wanda ya saya a kan tsinin nan ya ci riba. Ashe wani tsinin ɗan aike ne.

Malam Nura: Wannan jan naka yana da ƙarfi, na karɓa. Tsini ne a ma'aunin wata uku, domin ya faɗo, kuma an san dalilinsa: masu tarin tsofaffin takardu suna rige-rigen mayar da su dala. Amma a ƙarƙashinsa tazarar da Alhaji ya ambata tana nan ba ta rufe ba, don haka hawan bai ƙare ba. Bambancinsa da Fabrairun 2024 shi ne a 2024 tazarar ta riga ta ragu sosai, sannan a ƙarshen watan Babban Banki ƙarƙashin Cardoso ya ɗaga kuɗin ruwa daga 18.75 zuwa 22.75 a zama ɗaya, ya kuma koma sayar wa 'yan canji dala. Duk wannan ba a cikin layin yake ba, sai ka rubuta shi da hannunka a gefen ranar.

Yakubu Agege: To ai shi ke nan, 1,100 ɗin Afrilu ma tsini ne, na ƙasa. A watan Mayu ta koma wajen 1,500.

Malam Nura: Haka ne. Tsini yana kallon sama yana kallon ƙasa. Hajiya ta saya a na sama, larura ta sa ta sayar a na ƙasa.

Hajiya Binta: Wallahi haka aka yi. Da na san da wannan lissafin na kwana ashirin da na raba sayen kashi uku.

Ummi Idi-Araba: Akwai wani irin tsinin kuma da ba kasuwa ba ne sam, kuskuren shigar da lamba ne. Za ka ga rana ɗaya tak layin ya yi tsalle ya dawo daidai inda yake washegari. Kafin ka yarda da shi ka duba wani wurin, kamar shafin Babban Banki ko na FMDQ, ka ga ko su ma sun nuna. Ka kuma tabbata farashin rufewa kake kallo, ba mafi tsadar cinikin ranar ba, domin a kasuwar hukuma ciniki ɗaya yana iya fita can nesa da sauran. Ga misali na ƙirƙira: 1,500, 1,510, 1,505, 1,700, 1,515. Matsakaicinsu 1,546, wanda ya fi huɗu daga cikin biyar ɗin. In ka jera su daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya, 1,510 ne, kuma shi ya fi kama da makon. A takardar lissafi:

```
=MEDIAN(B2:B6)
```

In ka ga AVERAGE da MEDIAN sun yi nisa da juna, akwai tsini ko bango a cikin kwanakin da ka zaɓa.

Bashir Apapa: Ni tambayata ɗaya. An ce duk Disamba dala tana sauka saboda 'yan ƙasar waje suna dawowa gida da kuɗi. Jadawali ya tabbatar da haka?

Alhaji Ɗanjuma: Mu dai muna ganin dala tana yawaita a hannu daga tsakiyar Disamba, wannan ba ji na yi ba, gani na yi shekara da shekaru. Janairu kuma masu kuɗin makaranta da masu oda su taso.

Malam Nura: Ranka ya daɗe ban musa abin da ka gani ba, amma ni ban iya fitar da shi a lamba ba. A Disambar 2016 hawa ta yi ta yi. A Disambar 2024 ta sauka, sai dai a farkon watan ne aka fara sabon tsarin cinikin dala ta na'ura tsakanin bankuna, to wa za a ba ladan? Shekarun da ba a taɓa doka a cikinsu ba kaɗan ne, ba su isa a ce ga al'ada ba.

Alhaji Ɗanjuma: To Malam, kai da lambarka ni da bencina. Allah ya kai mu Disamba mu gani.

Sani Alaba: Na gode ƙwarai jama'a. Abin da ya rage mini shi ne inda zan samu tarihin farashin 'yan canji, tunda na waya na hukuma ne. Na tuna abokiFX, mai wallafa farashin 'yan canji a intanet, ta dakatar da wallafa farashi a Satumbar 2021 bayan takun saƙa da Babban Banki.

Malam Nura: Na shekarun baya sai ka haɗa da jaridu, kuma za ka tarar ba su cika yin daidai da juna ba, naira goma ko ashirin tsakaninsu. Tun bayan 2024 tazarar ta ragu sosai, don haka na hukuma ya fi kusa da abin da kake biya fiye da da. Amma ga odarka, littafinka ya fi kowane. Kana da rasit na sayen dalarka?

Sani Alaba: Ina da su tun 2022, a cikin wata jaka a shago.

Malam Nura: Ka fito da su. Ka rubuta rana, adadin dala, da nairar da ka biya. Matsakaicinka shi ne jimillar naira a raba da jimillar dala, ba ka haɗa farashi ka raba biyu ba. Dala 2,000 a 1,200 da dala 8,000 a 1,600 ba 1,400 ba ne, 1,520 ne. Ka turo mini in ka gama mu ɗora su a kan jadawalin.

Alhaji Ɗanjuma: Sani in akwai watan da rasit ya ɓata ka faɗa mini, yarona yana rubuta farashin rufewa kullum a littafi, zan sa ya ɗauko maka hoto bayan Magariba.